Yadda ake lissafin kauri da tsawon walda a biraket mai ɗaukar nauyi a gefe

Mai kamfanin fiya wata a Katsina yana son ɗora tankuna uku masu cin lita 5,000 kowanne a kan dandamalin ƙarfe. Ginshiƙan rumfarsa guda huɗu suna tsaye tun tuni, bima-biman dandamalin kuma, wato ƙarafan da suke kwance suna ɗauke da shi, ba za su zauna a kan ginshiƙan kai tsaye ba, sai dai a gefensu. Saboda haka za a manna wa kowane ginshiƙi farantin ƙarfe mai kauri, wato biraket, ya leƙo waje, bim ya zauna a kansa. Tambayar da mai walda zai amsa kafin ya kunna inji ita ce: wane kaurin walda zan zuba, tsawon nawa, kuma a ina?

Yawancinmu mukan ɗauki nauyin mu raba shi da tsawon waldar, mu ce shi ke nan. Wannan lissafi daidai ne idan nauyin ya bi ta tsakiyar waldar. Da zarar ya koma gefe, abin ya canza, domin yanzu ba danna farantin ƙasa kawai yake yi ba, murɗa shi yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin makanike ya zura bututu a sifana don ya kwance noti mai taurin kai ya san abin da nisa yake yi wa ƙarfi. A aikin da za mu bi a nan, murɗawar nan za ta ninka abin da walda take ɗauka har sau biyar.

Fara da nauyin, ka ƙara masa kariya

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankuna uku cike tan 15 ne. Dandamali da tankunan kansu da bututu, mu ce tan 1. Jimla tan 16. Idan an jera tankunan daidai wa daida, kowane biraket zai ɗauki tan 4. Ka tabbatar da wannan jeri da idonka, domin in aka tura tankuna biyu ɓangare guda, biraket biyu za su ɗauki fiye da kasonsu, lissafinka ya tashi a banza.

Tan ɗaya kusan kiloniyuton 10 ne a ma'aunin ƙarfi, wato niyuton 10,000, tan 4 ke nan kiloniyuton 40. Ba a lissafi da nauyin tsirara. Ana ninka shi da 1.5 saboda abin da ba a hango ba, kamar mutum biyu da suka hau gyaran famfo ko tankin da aka canza da wanda ya fi shi girma. Nauyin da za mu yi aiki da shi ya zama niyuton 60,000.

Ka san abin da milimita ɗaya ta walda take iya ɗauka

Waldar da ake zubawa a kusurwar da ƙarfe biyu suka haɗu, idan ka yanka ta ka dubi bakin yankan, za ka ga siffa mai kusurwa uku. Gefunanta biyu da suka kwanta a jikin ƙarfe su ne ƙafafu, kuma da su ake kiran girman walda. In an ce walda mai milimita 6, ƙafarta ake nufi. Amma walda ba ta ƙafa take tsagewa ba. Tana tsagewa ne ta maƙogwaro, wato mafi gajartar tazara daga can cikin kusurwa zuwa fuskar waldar, kuma wannan tazara kashi 0.7 ce ta ƙafa. Walda mai ƙafa 6 maƙogwaronta milimita 4.2 ne kacal.

Ƙa'idar Turai ta haɗa ƙarafan gini, EN 1993-1-8, ta ba ƙarfe mai daraja S235 kimanin niyuton 208 a kowace murabba'in milimita ta maƙogwaro. Tsohuwar ƙa'idar Birtaniya, BS 5950, wadda injiniyoyinmu da yawa suka yi karatu da ita, ta ba S275 niyuton 220. Farantin da ake saro mana daga Ƙofar Ruwa ta Kano ba kasafai yake zuwa da takardar darajarsa ba, don haka ni da 200 nake aiki, kuma ita nake ba kowa shawara ya riƙe. Daga nan lissafin ya yi sauƙi, mu kira ƙafar s: kowace milimita ta ƙafa tana ba ka niyuton 140 a kowace milimita ta tsawon walda.

```
0.7 × s × 200 = 140 × s   (N/mm)
s = 5  →  700
s = 6  →  840
s = 8  →  1120
```

Aikin da ya rage shi ne mu gano wurin da ya fi shan wahala a jikin waldar, mu ga niyuton nawa ne suke kan kowace milimita a wurin, sannan mu raba da 140.

Zana waldar a takarda kamar layi

Farantinmu tsayinsa daga sama zuwa ƙasa milimita 200 ne, kaurinsa 12. Zai hau kan fuskar ginshiƙi, a yi masa walda ta gefe uku: layi ɗaya a tsaye can baya mai tsawon 200, da layi biyu a kwance, sama da ƙasa, kowanne 100, suna nufo bakin ginshiƙin. Siffar ta zama kamar harafin C, bakinta yana kallon inda nauyi yake. Tsakiyar bim ɗin za ta zauna milimita 300 daga layin baya.

A wannan mataki ka manta da kaurin walda, tunda shi muke nema. Ka ɗauke ta layi ne siriri. Tsawonta duka 400. Mu kira layin kwance b, layin tsaye d.

Abu na farko da za ka nemo shi ne cibiyar waldar, wurin da farantin yake son juyawa a kansa. Daga sama zuwa ƙasa tana tsakiya, tunda layin sama da na ƙasa tsawonsu ɗaya. Daga baya zuwa gaba kuwa ba a tsakiya take ba, ta fi kusa da layin baya saboda shi ya fi tsawo:

```
x = b² / (2b + d) = 10000 / 400 = 25 mm
e = 300 − 25 = 275 mm
M = 60000 × 275 = 16500000 N·mm
```

Ka lura da inda aka auno e. Daga cibiyar walda ne zuwa layin da nauyi yake sauka. Sau da yawa nakan ga ana aunowa daga bakin ginshiƙi, domin nan ne tef yake samun abin kamawa, sai a samu ƙasa da 200 maimakon 275. Wannan kuskure shi kaɗai yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na murɗawar. M shi ne ƙarfin murɗawa, nauyi sau nisa.

Abu na biyu shi ne lambar da take nuna yadda siffar waldar take turje wa murɗawa. Ana rubuta ta da J. Ma'anarta ita ce, kowane ɗan yanki na walda yana taimakawa ne gwargwadon nisansa daga cibiya, kuma nisan sai an ninka shi da kansa. Yankin da yake milimita 100 daga cibiya ya fi wanda yake milimita 50 amfani sau huɗu. Ga siffar C, an riga an dunƙule lissafin a layi ɗaya:

```
J = (2b + d)³/12 − b²(b + d)²/(2b + d)
J = 5333333 − 2250000 = 3083333 mm³
```

Kalkuletar waya ta isa yin wannan. Ka yi shi sau biyu, domin sifili ɗaya in ya ɓace komai ya lalace.

Nemo wurin da ya fi shan wahala

Nan ne zuciyar aikin, a bi shi a hankali.

Ƙarfi iri biyu ne suke kan waldar a lokaci guda. Na farko dannawar kai tsaye, wadda take rabuwa daidai a kan dukkan tsawon: 60,000 a raba da 400, ya ba da niyuton 150 a kowace milimita, yana kallon ƙasa a ko'ina. Da wannan kaɗai ne, da walda mai ƙafa milimita ɗaya da 'yan kai ta isa, kuma wannan amsa ce take yaudarar mutane.

Na biyu shi ne na murɗawa, shi kuma ba ya rabuwa daidai. A cibiya babu shi, yana ƙaruwa yayin da kake nisa da ita. Ka sa yatsa a kan zanenka a cibiyar, ka juya takardar kaɗan zuwa ɓangaren da nauyi yake, ka ga yadda kowane lungu yake motsawa. Ƙarshen layin sama na gaba yana tafiya waje da kuma ƙasa. Ƙarshen layin ƙasa na gaba yana tafiya ciki da kuma ƙasa. Kusurwoyin baya kuwa sama suke ɗan ɗagawa. Ke nan a ƙarshen gaba guda biyu ne murɗawa da dannawa suke haɗa kai su nufi ƙasa tare, kuma su ne suka fi nisa da cibiya: milimita 75 a kwance, 100 a tsaye. Don samun ƙarfin da murɗawa take ɗora wa wuri, ana raba M da J a ninka da nisan wurin daga cibiya. Mu kira ƙarfin kwance fx, na tsaye fy.

```
M/J = 16500000 / 3083333 = 5.35
fx = 5.35 × 100 = 535
fy = 5.35 × 75 + 150 = 551
f = √(535² + 551²) = 768 N/mm
s = 768 / 140 = 5.5 mm
```

Abin da yake rikita ɗalibai a nan shi ne, nisan tsaye (100) shi yake ba da ƙarfin kwance, nisan kwance (75) shi yake ba da ƙarfin tsaye. Juya takardar nan da na ce ka yi zai nuna maka dalili. Sannan ba a tara 535 da 551 kai tsaye, domin ɗaya a kwance yake ɗaya a tsaye. Sai an ninka kowanne da kansa, a tara, a cire tushe.

Amsa ta fito 5.5, sai a ɗaga ta zuwa 6. Walda mai ƙafa 6 tana ɗaukar 840, muna buƙatar 768. Ta wuce, amma da ɗan rata kaɗan, kimanin kashi 9 cikin ɗari. Don kwatanci, kusurwoyin baya suna ɗauke da kusan 535 ne kawai.

Yanzu ka gwada abu ɗaya. A ce ranar ɗora dandamali bim ya ƙi zama inda aka zana, masu aiki suka matsar da shi waje da santimita 5. Nisan ya koma 325, lissafi ya ba da kusan 889, ya haura 840. Santimita 5 ba ta kai faɗin tafin hannu ba, ba kuma wanda zai lura da ita daga ƙasa. Shi ya sa nake sa a manna ɗan guntun ƙarfe a saman biraket a daidai wurin da bim zai tsaya, ya zama shinge, tun ana ƙasa.

Kauri ko tsawo: wanne za ka ƙara?

Wani yaron shago ya taɓa ce wa maigidansa a gabana, "Maigida, me zai hana mu cika ta ta kai 10, kowa ya huta?" Maigidan ya ce masa, "Kai dai kawo tef, mu ga ko farantin zai ƙara tsayi." Maigidan ne yake da gaskiya, ga kuma dalili.

Ƙarfin walda yana ƙaruwa daidai da ƙafarta, amma narkakken ƙarfen da za ka zuba yana ƙaruwa ne da ƙafa sau ƙafa. Daga 6 zuwa 8 ka samu ƙarin ƙarfi kashi 33 cikin ɗari, ka kashe ƙarin sanda kusan kashi 78. Ƙafa 6 tana fita da bi ɗaya a hannun gwani. Ƙafa 8 da sanda geji 10, wato mai kaurin milimita 3.2, yawanci sai an bi sau uku, kuma tsakanin kowane bi akwai damar kashin walda, wato ɓawon da yake rufe samanta, ya maƙale a ciki. Ga zafi da yake lanƙwasa faranti ya janye ginshiƙi.

To in tsawo za a ƙara, a ina? Mu ce kana da ƙarin milimita 100 ta walda. In ka raba ta ga layukan kwance, kowanne ya koma 150 ta hanyar tura farantin ciki, layin baya ya ƙara nisa da nauyi, cibiya ma ta ja baya, e ya zama 305. Sakamako ya sauko daga 768 zuwa 633. In kuwa ka sa ta a tsaye, ka yanko faranti mai tsayin 300 maimakon 200, J ya tashi daga miliyan 3.08 zuwa miliyan 7.2, sakamako ya faɗo zuwa 464. Tsawon walda ɗaya ne a duka biyun, 500, amma na biyun ya fi nesa ba kusa ba, domin ya raba layin sama da na ƙasa, ya ba su hannu mai tsawo na turje wa murɗawa. Idan akwai wuri a jikin ginshiƙi, ni faranti mai tsayi nake zaɓa kowane lokaci.

Akasin haka ma yana da kyau a gani. Wanda ya bar layin baya, ya yi sama da ƙasa kawai, zai samu 947, ƙafa 6 ba ta isa ba, sai ya koma ta gaba a jerinmu, ƙafa 8. Wanda ya yi layin baya shi kaɗai, wai ai shi ne mai tsawo, zai samu sama da 2,700, wanda yake neman ƙafa kusan 20 a jikin faranti mai kaurin 12. Wannan ba ya yiwuwa, kuma irin wannan biraket ɗin ne yake ɓallewa.

Iyakokin da lissafi ba ya nunawa

Ko da lissafi ya ba ka ƙafa ƙarama, akwai ƙasan da ba a sauka. Da faranti mai tsayin 300, 464 a raba da 140 ya ba da 3.3, amma ba za ka zuba 3 ko 4 a kan ƙarfe mai kaurin 10 zuwa 12 ba. Ƙarfe mai kauri yana shanye zafin ƙaramar walda nan take, ta huce da sauri, ta ƙi kamawa ko ta tsage. Ga ƙarfe mai kauri sama da 6 zuwa 12, kada ka sauka ƙasa da ƙafa 5. Ta sama kuma, waldar da take bin gefen faranti ta tsaya aƙalla milimita 2 ƙasa da kaurinsa, don kada leɓen farantin ya narke ya sa ƙafar ta yi kama da cikakkiya alhali ba ta cika ba.

Tsawon da muka yi lissafi da shi tsawon walda mai cikakken kauri ne. Inda ka fara kunna wuta ƙarfe bai yi zafi ba tukuna, inda ka ɗaga sanda kuma akan bar ɗan rami. Waɗannan ba a ƙirga su. A kowane ƙarshe da walda ta tsaya, cire tsawon ƙafa ɗaya. Saboda haka don ka samu 100 mai aiki, zana 110 da alli, farantin kuma ya hau kan ginshiƙi da 115, yadda waldar za ta tsaya kafin leɓen ginshiƙin ba tare da ta ci shi ba. Guntuwar walda da ba ta kai milimita 40 ba, kada ka sa ta a lissafi ko kaɗan.

Farantin kansa ma sai an duba shi, don walda mai ƙarfi a jikin faranti mai rauni ba ta da amfani. A inda walda ta ƙare, nauyi yana nisan 200:

```
60000 × 200 / (12 × 200² / 6) = 150 N/mm²
```

Wannan yana ƙasa da 235 inda ƙarfen yake fara miƙewa, saboda haka kaurin 12 ya yi.

Zuba waldar

Wurare biyu mafi wahala su ne ƙarshen layin sama da ƙarshen layin ƙasa. Idan ginshiƙi yana tsaye, layin ƙasa walda ce ta sama da kai, mai walda yana kan tsani, tartsatsi yana zubo masa a hannu, kuma nan ne aka fi samun aiki marar kyau. Wurin da ya fi buƙatar inganci shi ne wurin da ya fi wuyar yi. In aikin sabo ne, a manna biraket tun ginshiƙi yana kwance a ƙasa. In kuma yana tsaye kamar na wannan rumfa, a ɗaura sikafol mai kyau, a ba wanda ya fi kowa hannu a shagon.

Goge fenti da tsatsa da garanda har ƙarfe ya yi fari, faɗin yatsa biyu kowane gefen layin. Matse farantin da kilam ya kwanta sosai. Idan ka ga rata tsakaninsa da ginshiƙi ta wuce milimita 2, ƙafar da ta kama farantin ta ragu da wannan ratar, don haka ko ka gyara zaman ko ka ƙara ƙafa da gwargwadonta. Ɗiga waldar riƙewa a tsakiyar layuka, ka kauce wa kusurwoyi da ƙarshen gaba.

Sandar da aka fi samu a kasuwa ita ce E6013, kuma ga wannan ƙarfe ƙarfinta ya isa lissafin 200 da muka yi. Geji 10, wato milimita 3.2, da wuta tsakanin amfiya 100 zuwa 130. Geji 12 da ake yin ƙofa da taga da ita ta yi ƙanƙanta ga faranti mai kaurin 12. Wanda yake da inji mai ƙarfi da hannun E7018 ya fi, da sharaɗin sandar a bushe take, domin tana shan danshi, musamman da damina, kuma jiƙaƙƙiyar E7018 ta fi busasshiyar E6013 haɗari. Matsalar da ta fi damunmu a nan ita ce raunin wuta. In sanda tana maƙalewa, walda tana taruwa kamar igiya a saman ƙarfe ba ta narkewa cikinsa, tsaya. A nemo janareta mai ƙarfi ko a jira. Da sanyin hunturu da sassafe kuma, a ɗan ɗumama farantin da wuta har raɓa ta bushe kafin a fara.

Layin tsaye daga ƙasa zuwa sama ake yin sa. Saukowa daga sama ya fi sauri, ya fi kyan gani, amma siririya ce kuma ba ta shiga kusurwa. A kusurwoyin baya kada ka tsaya, zagaya da wutar ba tare da ɗagawa ba. Layukan kwance kuwa ka fara su daga gaba ka nufi baya, ko in ka ƙare a gaba ka ɗan dawo da sanda baya ka cike ramin kafin ka ɗaga. Ramin ƙarshe da aka bari a daidai wurin da yake ɗauke da 768 shi ne ƙofar tsagewa. Kada a watsa wa walda ruwa don ta huce.

Auna abin da ka zuba

Ido yana ƙara wa walda girma. Yanko ɗan guntun falle, ka cire masa lungu mai milimita 6 a kusurwa ɗaya, ka bi layin da shi bayan ka fasa kashin walda ka goge da burushin waya. Auna ƙafa biyun duka, domin a waldar kwance narkakken ƙarfe yakan zubo ƙasa, ƙafa ɗaya ta zama 8 ɗaya 4, kuma ƙaramar ce ake ƙirgawa. Duba fuskar ma. In ta lotsa ciki, ƙafafu suna iya cika 6 amma maƙogwaro bai kai 4.2 ba. Sa farce a gefen waldar, in ya faɗa cikin kwari a jikin faranti, wuta ta yi yawa ta ci gefen, sai a cike.

Idan awo ya nuna 5 maimakon 6, ƙarfinta 700 ne a wurin da ake neman 768. Ba lallai ta faɗi ranar da aka cika tanki ba, tunda akwai kariyar 1.5 a cikin nauyin, amma ka cinye rabon da aka ajiye don ranar da wani abu zai faru. Gyaran ba shi da wuya: a goge, a ƙara bi ɗaya.

Kafin fenti, ana iya shafa kananzir a waldar, a bar shi ya ɗan jima, a goge tas, a barbaɗa garin alli. Inda akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana layi a jikin allin. Ranar cika tanki, a cika rabi, a ɗora ma'aunin magina mai nuna karkata a kan biraket, a duba ƙarshen gaba na sama da na ƙasa, sannan a ƙarasa, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi. Bayan watanni, alamar farko ta matsala ita ce fenti ya tsage ko siririn layin tsatsa ya fito a ƙarshen layin sama. In ka gan shi, a sauke ruwa kafin a taɓa komai, sannan a goge tsagar har ƙarshenta da garanda a sake zubawa. Walda a kan tsaga rufe ta kawai take yi.

Inda wannan lissafi ya tsaya

Duk abin da muka yi na farantin da ya kwanta a kan fuskar ginshiƙi ne, nauyi yana juya shi a kan wannan fuska. Idan farantin ya tokari ginshiƙi da bakinsa ne, aka yi masa layi biyu a tsaye hagu da dama, to nauyi ɓamɓaro shi yake yi daga sama, lissafin kuma daban ne. A nan ana raba M da d²/3. Da nauyinmu a nisan 200 daga fuskar ginshiƙi, wannan ya ba da 900, a haɗa da dannawar 150 ta hanyar tushe ya zama 912, ƙafa 8 ke nan, kuma saman layukan ne wurin haɗari.

Lissafin nan kuma na nauyi ne mai zama shiru kamar ruwa a tanki. Biraket da zai ɗauki injin niƙa, ko janareta, ko sarƙar ɗaga injin mota, yana shan girgiza da fizga, waldarsa tana gajiya ta tsage a nauyin da bai kai rabin wannan ba. Haka nan in ginshiƙin bututu ne mai siririn jiki, milimita 2 ko 3, jikinsa zai yage ko ya lotsa tun walda ba ta ji komai ba. Sannan murɗawar nan ta niyuton-milimita miliyan 16.5 ba ta ɓacewa a cikin walda. Tana shiga ginshiƙi ta lanƙwasa shi, ta sauka har kan kusoshin gindinsa, faranti ɗaya a fuska ɗaya kuma yana ɗan karkata shi, abin da ya sa a manyan ayyuka ake manna faranti biyu gaba da baya. Ginshiƙan rumfa an yi su ne don ɗaukar kwano, saboda haka kafin a ɗora musu tan 16 sai injiniyan gini mai rajista ya duba su da tushensu ya sa hannu.